Yadda ake tsakuro bidiyon minti 4 daga ɗaukar biki ta awa 6

Aikin da zan yi misali da shi na wani biki ne da aka kawo min a memori guda uku, kamu awa ɗaya da rabi, ɗaurin aure minti 40, dina awa uku cur, sai kai amarya minti 50, jimilla awa shida kenan. Yayar amarya ce ta kawo, ta ce min "Malam mu dai ɗan gajere muke so wanda za mu tura wa 'yan uwa, kar ya wuce minti huɗu, amma don Allah a ga kowa." To ka ji fa, minti huɗu kuma a ga kowa. Wannan maganar kusan duk mai kawo aiki sai ya faɗe ta, kuma in ka biye mata yadda take za ka ƙare da tarin fuskoki suna wucewa fit fit, ba kai ba gindi, mai kallo ya kai sakan talatin ya danna ya wuce. Abin da ni dai nake yi shi ne na fara nemo farkon bidiyon da ƙarshensa tun kafin na taɓa tsakiya, kuma da kunne nake nemansu kafin ido. Amma bari mu bi shi daki-daki.

Kafin komai ka kwafe memorin nan gaba ɗaya zuwa wuri biyu, cikin laftof da kuma hard disk na waje ko filasha babba. Gaba ɗaya nake nufi, har foldojin da kake ganin ba su da amfani, don wasu kyamarorin musamman masu ɗauka a tsarin AVCHD suna yayyanka doguwar ɗauka zuwa fayil-fayil, kuma bayanin yadda suke haɗuwa yana cikin waɗancan ƙananan foldojin. Kar ka yi editin kai tsaye daga kan memori, kuma kar ka bari mai kyamara ya goge nasa sai ka buɗe kowane fayil ka ga yana tafiya har ƙarshe. Biki ba a maimaita shi. Sai ka raba su folda huɗu da sunan da za ka gane, kamu, ɗaurin aure, dina, kai amarya, ka ƙara ta biyar ta bidiyon waya, don dole ƙawaye za su turo maka nasu kuma wallahi wani lokacin abin da ya fi komai kyau a wayar wata ƙawa yake.

Bidiyon wayar nan yana da wata matsala da ya kamata ka sani tun yanzu. Waya ba ta tsayawa a kan adadin firem ɗaya, wato yawan hotunan da take ɗauka a kowane sakan, in haske ya ragu sai ta rage, in ya dawo ta ƙara, to in ka jefa shi cikin manhajar editin sai ka ga a farko baki da murya suna tafiya tare amma bayan minti uku ko huɗu murya ta riga baki ko ta makara. Maganinsa ka fara wuce da shi ta manhajar HandBrake, kyauta ce, a shafin Video ka sa Framerate a 25 ka zaɓi Constant Framerate, ka fitar da sabon fayil ka yi aiki da shi. 25 ɗin ma ba haka kawai na ce ba, wutarmu a nan zagaye 50 take yi a sakan, shi ya sa kyamarar da aka saita a 25 ko 50 ba ta cika kama ƙyaftawar fitila ba, wadda aka bari a 30 ko 60 kuwa za ka ga wasu layuka suna yawo a hoton hol. In an riga an ɗauka haka sai dai ka guji wuraren da abin ya yi muni. Aikin naka dai ka saita shi a 25 tun kafin ka sa kilif na farko, a manhajar editin ta DaVinci Resolve ma da zarar ka fara aiki ba ya barinka ka canza wannan a taimlayin ɗin da ka riga ka buɗe, wato layin da ake jera kilif a kai.

Sai tambayar da mutane ke mantawa da ita: a ina za a kalla? In a waya ne za a riƙa turawa a sitatus to tsaye za ka yi shi, 1080x1920, in kuma na ajiya ne da za a saka a talabijin ko YouTube to kwance, 1920x1080. Ka tambaya tun farko. Ɗaukar da aka yi a kwance in ka mayar da ita tsaye kusan kashi biyu cikin uku na faɗin hoton ne zai tafi, wato hoton da ke da amarya da ƙawaye shida zai koma amarya da rabin kafaɗar mutum biyu. Wannan bikin kwance muka yi shi, daga baya na cire musu wani na sakan 30 a tsaye daban.

Yanzu sai kallo, kuma nan ne ainihin wahalar take, babu yadda za ka yi ka tsallake shi. Awa shidan nan sai ka kalle ta duka. Sauƙin da ake samu shi ne gudu, a Resolve ko Premiere maɓallin L yana tafiyar da bidiyo gaba, in ka ƙara dannawa ya ninka gudun, K ya tsayar, J ya koma baya, M kuma ya ajiye maka alama a daidai wurin. A ninki biyu awa shida ta zama uku kuma har yanzu kana iya jin abin da ake faɗa. Wurin rawa da liƙi a dina kana iya kai shi ninki huɗu, amma ɗaurin aure da nasihar iyaye kar ka yi musu gudu, ka saurara da kyau, a nan gwal ɗin yake. In laftof ɗinka yana cijewa, a Resolve ka zaɓi kilif ɗin duka ka danna dama ka zaɓi Generate Proxy Media don ya yi maka kwafi marasa nauyi, ka bar shi ya kwana yana yi, gobe aikin zai tafi sumul.

A wannan kallon na farko ba na yanka komai, alama kawai nake sawa, kuma ina da littafi a gefe ina rubuta lokaci da abin da na gani, kamar "dina 2, 00:41:10, kaka ta riƙo hannun amarya", ko "kamu, 00:18, dariyar ƙawaye lokacin cinikin kuɗin kamu". Abu iri uku nake farauta. Na ɗaya magana mai ma'ana wadda ta fita tas, addu'a ko nasiha ko sanarwa. Na biyu fuska a lokacin da mai ita bai san ana ɗaukarsa ba, hawaye, murmushi, kallon da uwa take yi wa 'yarta daga nesa. Na uku ƙananan abubuwa da za su yi maka amfani wajen rufe yanka, hannu mai lalle, hayaƙin turaren wuta, takalma jibge a ƙofar masallaci, goro da alawa a faranti, ƙofar gida da motoci. Waɗannan na ukun masu kyamara ba su cika ɗaukarsu da yawa ba, duk inda ka gansu ko sakan biyu ne ka yi musu alama.

Da na gama, abin da na tara ya kai minti 22. Wannan daidai ne, daga awa shida ka sauko wajen minti ashirin, daga nan kuma ka sauko huɗu. Wanda yake son ya yi tsalle ɗaya daga awa shida zuwa minti huɗu shi ne yake kwana uku yana jujjuya abu ɗaya.

In wayarka ce kayan aikinka, CapCut kake amfani da shi, fayil na awa uku zai shaƙe ta. Ka samu mai laftof ya ciro maka guntayen da ka rubuta a littafi da manhajar ffmpeg, ba ya ɗaukar lokaci kuma ba ya rage kyan hoto:

```
ffmpeg -ss 00:41:05 -to 00:41:40 -i dina2.mp4 -c copy kaka.mp4
```

Ka lura na fara sakan biyar kafin wurin da nake so. Dalili shi ne `-c copy` ba ya yanka a daidai firem ɗin da ka ce, yana komawa wurin da tsarin fayil ɗin ya ba shi dama ne, don haka ka bar rara gaba da baya, ka gyara bakin a cikin manhaja.

To yanzu farko da ƙarshe. Ka ajiye minti 22 ɗin nan a gefe ka tambayi kanka, wace magana ce guda ɗaya in mutum ya ji ta ido a rufe zai san biki ne kuma na waye? A bikinmu na Hausa amsar kusan kullum tana wurin ɗaurin aure, muryar maroƙi ko sanƙira lokacin da ya ɗaga murya ya ce an ɗaura auren wane da wance, sai jama'a su ɗauki Fatiha, ka ji "amin" ɗin nan ta taso gaba ɗaya kamar ruwa. Da wannan na buɗe. Allo baƙi na sakan ɗaya, muryar ta fara shigowa tun kafin hoto ya bayyana, sai hoton takalma a ƙofar masallaci, sai tafukan hannu a ɗage, sai aka shafa, a daidai shafawar nan kiɗa ya shigo sunan ango da amarya da kwanan wata suka fito a rubuce. Sakan 20 duka. Ban fara da tambarin shagona yana juyawa ba, ban fara da hoton hol babu kowa ba, waɗannan su ne suke sa a wuce bidiyo. Wurin da maroƙin ya faɗi adadin sadaki kuwa na cire shi, na rufe yankan da hoton hannaye, don wasu gidajen ba sa son kuɗin ya yi ta yawo a waya duk da an faɗa a bainar jama'a. In kana shakka ka tambayi mai aikin, tambayar sakan goma ce.

Ƙarshen ya fi ba ni aiki. Abin da yawancin mutane suke yi shi ne su bar rawar dina tana tafiya har waƙa ta ƙare sai hoto ya dushe, mai kallo bai san an gama ba sai ya ga bidiyo ya tsaya. Ƙarshe na gaskiya shi ne wurin da wani abu ya rufe a idon mai kallo. A wannan bikin na same shi a fayil ɗin kai amarya wajen minti na 33, mahaifinta yana zaune a kan darduma ita tana durƙushe gabansa an lulluɓe ta, ya yi mata nasiha ta kusan minti shida, muryarsa ƙasa-ƙasa, fanka tana ƙara a sama. A cikin minti shidan nan jimla biyu na ɗauka, inda ya ce ta yi haƙuri ta riƙe sallah, da inda ya ce ya yafe mata duniya da lahira, muryar ta ɗan karye a kan kalmar ƙarshe. Daga nan sai gwaggonta ta ɗago ta, sai hoton ƙofar mota ta rufe, motar ta ja, fitilun baya suka yi nisa a layin, allo ya yi baƙi. Ƙarar rufe ƙofar nan na bar ta a fili, na sauke kiɗa gab da ita. Duk wanda ya kalla ya san an zo ƙarshe ba sai an rubuta masa ba.

Da ka samu waɗannan biyun ka kafa su a taimlayin, ɗaya a farko ɗaya a wajen minti na huɗu, abin da ya rage cike tsakani ne kuma yanzu kana da ma'auni, duk kilif ɗin da ba ya kai ka daga Fatihar nan zuwa ƙofar motar nan ba ya shiga komai kyansa. Ga yadda na raba sakan 240 ɗin: buɗewa 20, kamu da lalle 45, komawa ɗaurin aure da gaisawar maza 50, dina 75, kai amarya da rufewa 50. Dina ita ce rabin ɗaukar gaba ɗaya amma ko kashi ɗaya cikin uku ba ta samu ba, saboda awa ukun nan yawanci abu ɗaya ne ake maimaitawa, em-si ya kira rukuni su fito su yi liƙi su koma. Shigowar ango da amarya, yanka kek, rukuni uku ko huɗu na liƙi kowanne sakan uku, jawabin babbar ƙawa jimla ɗaya, ya isa.

Yawancin kilif ina barinsu tsakanin sakan biyu zuwa huɗu, wato bidiyon gaba ɗaya zai ci kilif wajen 70 zuwa 80. Amma kar ka mayar da shi doka, in duka tsawonsu ɗaya ne ido yana gajiya. Wurin rawa ka gajarta su bi bugun kiɗa, ka saurari waƙar ka riƙa danna M a kan kowane bugu mai ƙarfi sannan ka jera yankan a kan alamomin. Wurin kaka da ta riƙo hannun amarya kuwa sakan bakwai na ba shi ban taɓa ba. Ka yanka a kan motsi, lokacin da hannu yake ɗagawa ko kai yake juyawa, kuma ka yar da farkon kowace ɗauka da ƙarshenta inda mai kyamara yake neman saiti hoto yana rawa. Kar ka jera hoto biyu masu girma ɗaya na mutum ɗaya a jere, zai yi kamar bidiyon ya yi tuntuɓe, ka sa na nesa sannan na kusa, ko ka raba su da hannun lalle. Su kuma salon juye-juyen nan na CapCut, hoto ya murɗe ya tarwatse ya dawo, ka bar su inda suke, yanka kai tsaye ya fi, dushewa kuma ka ajiye ta wurin da aka tashi daga wata rana zuwa wata. Rage gudu yana kyau a shigowar amarya amma sai in an ɗauka a firem 50, shi ne za ka mayar rabi ya tafi lafiya a kan 25, wanda aka ɗauka a 25 in ka rage shi sai ya riƙa tsalle-tsalle.

Sauti shi ne inda aikin mutane da yawa yake lalacewa. Makirfon kan kyamara a hol yana kusa da sifika, murya ta fashe, kuma abin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa yadda ake so, in ka ga zanen sautin ya cika ya yi fale-fale sama da ƙasa kamar an aske shi da reza to ka nemi wani. Ka tambayi di-je ko ya naɗa daga mikisa, ko ka duba wayar da aka ɗauka daga bayan hol. Magana ina barinta tana kaiwa tsakanin -12 da -6 a ma'aunin sauti, kiɗan da ke ƙarƙashinta kuma na sauke shi wajen -25 ko ƙasa, kuma saukewar a hankali cikin rabin sakan, ba faɗuwa ɗaya ba. Inda ake karatun Alƙur'ani ko addu'a ba kiɗa sam, ko kaɗan, kuma ba a yanke aya a tsakiya, in ba za ta shiga duka ba ka bar ta. Waƙa kuma in ma'auratan sun sa an yi musu tasu mai sunayensu ita ce ta fi, in ka ɗauko ta wani mawaƙi ba izini YouTube ko Instagram suna iya kashe sautin ko su toshe bidiyon. Waƙar ba za ta zo daidai minti huɗu ba, kar ka datse ta a tsakiyar baiti, ka cire amshi ɗaya daga tsakiya ka haɗa bugu da bugu don ƙarshenta na asali ya faɗo inda kake so.

Mu koma kan "a ga kowa". Na ce wa yayar amaryar, "Hajiya ki rubuto min mutum goma da in babu su za a yi rigima, ki turo min hotonsu." Ta turo sha biyu. Wannan takardar ita ce ta cece ni, don ni ban san wace ce uwar ango ba a cikin mata ɗari masu anko iri ɗaya, kuma na taɓa yin aikin da na sa kishiyar uwar amarya sau uku uwar kanta sau ɗaya, ban sani ba, sai da aka dawo min da shi rai a ɓace. Ka ƙirga, dangin ango da dangin amarya su samu kusan daidai. Sannan akwai waɗanda bai kamata a gansu ba, ɗaukar cikin ɗaki wurin kwalliya inda mata ba mayafi, wadda ɗankwalinta ya zame a rawa, mai shayarwa a gefe, dattijo yana tsakiyar cin abinci, matar da mijinta bai san ta yi rawa haka ba. Ka duba bayan hoto ba gaba kaɗai ba, firem-firem in ta kama. Bidiyon nan da ya fita daga hannunka ba ka da iko da inda zai je.

In taro ne aka kawo maka ba biki ba, hanyar ɗaya ce, sai dai can magana ce ƙashin bayan aikin. Ka buɗe da jimla mafi ƙarfi da wani mai jawabi ya faɗa ba da "barkanmu da zuwa" na em-si ba, ka rufe da matsayar da aka cimma ko addu'ar tashi, ka rubuta sunan kowa da muƙaminsa daidai daga takardar shirin taron, kuma kar ka haɗa rabin jimla da wata rabin har mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Zubin farko nawa ya fito minti biyar da sakan goma. Ban yi ta gutsurar rabin sakan daga kowane kilif ba, na cire abubuwa sukutum, rukunin liƙi biyu, hotunan jeri da aka tsaya ana kallon kyamara, da jawabin abokin ango wanda dama sautinsa bai fita ba. Na bar shi ya kwana, da safe na kalla sau ɗaya ba sauti don na ga ko hoton kaɗai yana ba da labari, na sake saurara ido a rufe don na kama inda sauti ya yi tsalle.

Wajen fitarwa MP4 ne, H.264, 1920x1080, firem 25, bitiret wajen 8000 Kb/s, minti huɗu zai ba ka fayil kusan megabait 240. Wannan shi ne na ajiya. Sai ka fitar da ƙarami 1280x720 a 3000 Kb/s, wajen megabait 90, saboda masu ƙarancin data. A WhatsApp ka tura babban ta Document, in ka tura ta Gallery zai matse shi fuskoki su dagule musamman hotunan dare. Kafin ka tura wa kowa ka sa shi a wayarka ka kalla daga farko har ƙarshe da sifikar wayar ba da abin kunne ba, don haka za a kalle shi, in nasihar baban ba ta fita a nan ba ka koma ka ƙara mata. Ka sake karanta sunayen da kwanan watan harafi-harafi, sannan ka tura wa mutum ɗaya tak, wadda ta kawo aikin, ka ce ta nuna wa amarya da mahaifiyarta su tattaro gyaransu a saƙo ɗaya. Nasu gyaran guda biyu ne, a cire wata baiwar Allah da ta fito a bayan kek, a ƙara kawun ango da ya zo daga Maraɗi, na same shi a fayil ɗin ɗaurin aure minti na 27 yana gaisawa da liman, na ba shi sakan uku a gurbin wani hoton motoci.